Na karɓi katinsa a taron Njamena, yau kwana tara babu amsa

Aminu, Garwa: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin harkar taruka. Ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar albasa a nan Garwa, kuma a farkon watan nan ƙungiyar ta tura ni wani taron kwana uku a Njamena a kan adana amfanin gona. A rana ta biyu, lokacin hutun shan shayi, na samu wani dattijon injiniya wanda ya yi jawabi da safe a kan rumbun albasa mai shigar iska, muka tsaya muka yi magana ta kusan minti ashirin. Na gaya masa cewa bara mun zuba buhu 120 a ɗakin ajiyarmu, kafin watan Agusta kusan buhu 30 sun ruɓe. Ya yi mini tambayoyi, ya ba ni katinsa, ya ce in tura masa hotunan ɗakin, shi kuma zai duba ko zanen rumbunsu zai yi mana amfani. Da na dawo gida na tura masa saƙo ta WhatsApp na ce, "Assalamu alaikum, ranka ya daɗe, da fatan an koma gida lafiya." Saƙon ya shiga, alama biyu ta fito, amma yau kwana tara ke nan ko amsa sallama bai yi ba. Ina tsoron in sake turawa ya ga na cika naci, ina kuma tsoron in yi shiru maganar ta mutu, ga shi watan gobe za a fara cire albasa.

Malam Isa, Marwa: Wa alaikumus salam. Malam Aminu, ba ka yi kuskure ba da ka fara da gaisuwa, domin babba ba a faɗa masa da buƙata tun daga bakin ƙofa. Shawarata ita ce ka ci gaba da gaishe shi, musamman ranar Juma'a, har sai ya saba da sunanka, sannan daga baya ka shigo da maganar rumbu. Ni da kaina akwai wani babban ɗan kasuwa da na haɗu da shi a Yawunde, sai da na yi wata huɗu ina gaishe shi kafin na nemi komai a wurinsa, kuma har yau muna tare.

Hajiya Binta, Njamena: Kafin in ce komai, ƙanena Aminu, ina da tambaya uku. Wane suna ne a kan WhatsApp ɗinka, wane hoto ne a kai, kuma shi wannan bawan Allah ya karɓi lambarka ya ajiye a gabanka, ko kuwa kai kaɗai ka karɓi katinsa?

Aminu, Garwa: Hajiya, ni kaɗai na karɓi katinsa, domin ba ni da kati. Sunan da ke kan wayata "Baban Ummi" ne, hoton kuma na 'yata ne ranar Sallah.

Hajiya Binta, Njamena: To ka ga inda matsalar take. Na yi shekaru ina aikin shirya irin waɗannan taruka, ni nake zama a teburin rajista, kuma ina ganin abin da yake faruwa da masu jawabi. Mutumin da ya yi magana a gaban zaure yakan rarraba kati talatin ko arba'in a kwana uku, kuma a makon da ya biyo baya wayarsa takan cika da baƙin lambobi, kowace da sallama iri ɗaya. Ka ɗauki kanka a matsayinsa: ya buɗe waya ya ga lambar Kamaru mai farawa da +237, ga hoton yarinya da lalle a hannu, ga "Baban Ummi", ga fatan an koma gida lafiya. Babu abin da zai haɗa wannan saƙo da saurayin da ya ba shi labarin buhu 30 da suka ruɓe. Wataƙila ma ya ɗauka wani ne yake share fage kafin ya roƙi kuɗi, domin yawancin saƙon roƙo da irin wannan gaisuwar yake farawa. Saboda haka ni ban ɗauki shirunsa a matsayin ƙi ba, bai san wanda zai amsa wa ba ne kawai.

Abu na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, shi ne kai ne ake bi bashi. Shi ya ce ka tura masa hotuna, kai kuma ka tura gaisuwa. A lissafinsa, idan ma ya tuna da kai, yana jiran hotuna ne, kuma har yanzu ba su zo ba. Malam Isa, ina ganin girman abin da ka faɗa, gaisuwa wajibi ce a wurinmu kuma ba zan ce a cire ta ba, amma a sa ta a layin farko na saƙon da yake ɗauke da aiki, kada a aike ta ita kaɗai a zauna jiran amsa.

Malam Isa, Marwa: Hajiya, na karɓi maganar suna da hoto, wannan gaskiya ce. Amma ina nan a kan cewa saurin kawo buƙata yana kore manya.

Hajiya Binta, Njamena: Ya danganta da irin buƙatar, Malam. Wanda ka bi wata huɗu ɗan kasuwa ne, abin da kake nema a wurinsa amana ce ta kuɗi da kaya, ita kuwa sai a hankali. Mutumin Aminu injiniya ne wanda ya tsaya a gaban jama'a yana neman waɗanda za su gwada rumbunsa, kuma da bakinsa ya nemi hotuna. Idan Aminu ya yi wata huɗu yana gaisuwar Juma'a, albasar bana ta riga ta shiga tsohon ɗaki, damina ta sauka, an sake yin asarar bara.

Ladan, Kusiri: Ni dai abin da na sani game da waɗannan taruka shi ne, idan ba ka karɓi kuɗin mota da na masauki kafin a watse ba, to ka yi ta bin su ke nan. Akwai wani taro da na je a ƙetaren gada, can Njamena, aka ce za a turo mana kuɗin ta waya, sai da na yi wata biyu ina kiran mai kula da kuɗin. Malam Aminu, idan akwai sauran haƙƙinka a wurinsu, kada ka tsaya saƙo, ka kira kai tsaye.

Aminu, Garwa: Na gode, Malam Ladan, amma ba kuɗin taro nake bi ba, an sallame mu tun a can. Zanen rumbu nake nema a wurin ɗaya daga cikin masu jawabi.

Ladan, Kusiri: Af, na fahimta yanzu, a yi mini afuwa. To ga abin da zan iya ƙarawa, tunda mu nan kullum muna tsakanin layin ƙasa biyu. Ka duba lambar da ka ajiye da kyau. Lambar Chadi alƙaluma takwas ce bayan +235, ta Kamaru kuma tara ce bayan +237, kuma mutane da yawa a nan suna da layi biyu, ɗaya na kira ɗaya na WhatsApp. Wani lokaci ma wayar da ke ɗauke da WhatsApp ɗin tana hannun yaron gida ko direba. Alama biyu tana nuna saƙo ya isa wata waya ne kawai, ba ta nuna a hannun wa wayar take ba.

Zainabu, Ngaundere: Maganar Malam Ladan ta ƙarshe tana da amfani, kuma ita ce ta sa ni nake fifita imel idan har akwai shi a kan katin. Ina koyarwa, ina zuwa tarukan ilimi, kuma abin da na lura shi ne ma'aikacin ofis yana ɗaukar imel a matsayin aiki, WhatsApp kuma a matsayin hira, ko da abu ɗaya aka rubuta a cikinsu. Ga kuma wata fa'ida: hoton da aka tura ta WhatsApp a hanyar da aka saba yakan ragu, ƙananan abubuwa su dushe, alhali injiniya yana so ya ga tsagar bango da girman taga. Idan dole sai ta WhatsApp, a tura hoton a matsayin fayil. Ni abin da nake yi shi ne in tura cikakken bayani ta imel, sannan in tura layi biyu ta waya in ce ni ce wance, na aika saƙo ta imel mai take kaza. Kuma don Allah a kula da lokaci. Na sha samun saƙon wanda muka haɗu a taro da ƙarfe sha ɗaya na dare, yana tambaya ko na ci abinci, kuma daga ranar ba na sake ɗaukar maganarsa a matsayin ta aiki.

Aminu, Garwa: Akwai imel a katin, da lamba biyu. Ga abin da na rubuta yanzu, ku duba mini kafin in fassara shi zuwa Faransanci, domin da Faransanci muka yi magana: "Ranka ya daɗe, ni ne Aminu wanda kuka haɗu da shi a taro. Na ji daɗin jawabinka ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ƙungiyarmu tana fama da matsaloli masu yawa, muna roƙon ka taimaka mana da duk abin da za ka iya, ko zane, ko horo, ko hanyar samun tallafi. Muna jiran amsarka."

Hajiya Binta, Njamena: Ya fi na farko, amma kada ka tura shi a haka. Bari mu bi shi a hankali.

"Wanda kuka haɗu da shi a taro" bai bambanta ka da sauran mutum arba'in ba. Ka ba shi abin da zai kama: rana ta biyu, lokacin shayi, mutumin Garwa mai buhu 120 da 30 suka ruɓe. Mutum yakan manta suna da fuska, amma injiniya ba ya saurin manta lissafin da ya tsaya ya yi tambaya a kansa. Idan akwai wata kalma da shi ya faɗa a hirar, ka maido masa da ita, domin ita ce shaidar cewa ka saurare shi.

Sai babbar matsalar, wato "duk abin da za ka iya". Wannan jimla tana ɗora masa aikin da kai ya kamata ka yi, domin sai ya zauna ya yi tunanin me kuke buƙata, me zai iya, me ofishinsa zai yarda da shi, kuma saƙon da yake buƙatar irin wannan zama shi ne ake cewa sai an samu lokaci, lokacin kuma ba ya zuwa. Kalmar tallafi kuwa ka cire ta gaba ɗaya. Ba shi yake raba kuɗi ba, kuma da zarar ya gan ta zai sa ka a layin masu neman kuɗi, zanen ma ya fasa turawa don kada ya buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba. Ka yi masa tambaya ɗaya wadda zai iya amsawa yana tsaye, cikin minti biyu, ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Me ya fi tambayarka a kai ranar da kuka tsaya?

Aminu, Garwa: Ya tambaye ni ko a ƙasa muke zubawa ko a kan katako, da tsawon tulin, da kuma kwana nawa muke barin albasar ta sha iska bayan an cire kafin mu shigar da ita. Na ce a kan siminti muke zubawa, tulin yana kai wa gwiwa, taga biyu ce kuma duk a bango ɗaya suke. Da na faɗi maganar tagogin sai ya girgiza kai ya ce iska ba ta shiga ɗakin da ba ta da hanyar fita.

Hajiya Binta, Njamena: Madalla, ai ya riga ya ba ka saƙonka. Ga yadda ni zan tsara shi, kai kuma ka gyara da bakinka:

"Ranka ya daɗe, barka da aiki, da fatan an koma lafiya. Ni ne Aminu, sakataren ƙungiyar masu albasa ta Garwa, wanda muka yi magana da kai a rana ta biyu lokacin shayi a kan buhu 30 da suka ruɓe mana cikin 120. Ka ce in turo hotunan ɗakin, ga su guda huɗu: gaba, ciki, tagogin nan biyu da ka ce ba su ba iska hanyar fita, da rufin. Tsawon ɗakin mita kaza ne, faɗinsa mita kaza. Tambayata ɗaya ce: tunda za mu fara zuba albasar bana a tsakiyar watan Maris kuma ba za mu iya gina sabon rumbu kafin lokacin ba, wanne ya kamata mu fara yi, fasa tagogi a bangon da ke fuskantar waɗannan, ko ɗaga albasar a kan katako? Idan zanen da ka ambata yana kusa, za mu yi farin ciki da shi. Na gode."

Ka lura ban ba da haƙurin jinkiri ba, ban kuma ambaci saƙon da bai amsa ba. Tuna wa babba cewa bai amsa maka ba yana sa shi jin nauyi, wanda yake jin nauyinka kuwa yakan guje ka. Ranar da aka sa a ciki ma ta gaskiya ce, lokacin cire albasa ne ya kawo ta, shi ya sa ba za ta zama matsi ba. Amma ka je ka auna ɗakin da tef yau, kada ka rubuta "babba ne". Kuma kafin ka tura layi biyun da Malama Zainabu ta ce, ka mayar da sunanka na gaskiya a kan wayar, ko na mako biyu ne, Ummi ba za ta yi fushi ba.

Garba, Mundu: Ni ina da wata dabara da take rage wahala. Duk wanda na karɓi lambarsa a taro ina zuba shi a jerin aika saƙo ga mutane da yawa lokaci ɗaya, duk Juma'a in tura musu gaisuwa da hoton kayanmu. Ta haka babu wanda zai manta da ni.

Zainabu, Ngaundere: Malam Garba, akwai abin da ya kamata ka bincika. Saƙon irin wannan jeri a WhatsApp ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa, saboda haka sababbin mutanen da kake so su tuna da kai, waɗanda yawancinsu ba su ajiye ta ba, su ne ba sa ganin komai. Ka buɗe bayanin saƙon ka ga mutum nawa ya isa gare su. Waɗanda yake isa gare su kuma sun san ba don su aka rubuta ba.

Garba, Mundu: Wallahi ban san da haka ba, zan duba. Amma dai wasu suna amsawa.

Malam Isa, Marwa: Saƙon Hajiya ya yi kyau, ba ni da ta cewa a kansa. Inda nake da saura shi ne idan wannan ma ya yi shiru. Mu dai mun taso an ce mana zumunci a ƙafa yake. Ni a ganina Aminu ya shiga mota ya je ya same shi a ofis, ko kuma ya nemi wani wanda dattijon yake jin nauyinsa ya yi masa magana.

Hajiya Binta, Njamena: Daga Garwa zuwa Njamena ba tafiyar unguwa ba ce, Malam, sai ya bi ta Marwa ya kai Kusiri ya ƙetare gadar Ngeli, ga kuɗin mota ga kwana a hanya, kuma ma'aikacin gona a wannan lokaci yana iya yin mako a ƙauye. Zuwa babu sanarwa yakan ƙare a kan benci a gaban ofis. Abin da nake yi ni shi ne in bar kwana bakwai zuwa goma, sannan in sake aikawa sau ɗaya a ƙarƙashin saƙon farko, kuma in zo da sabon abu, misali mun fasa taga ɗaya ga hotonta. Idan wannan ma shiru, sai in bar shi har wani dalili na gaske ya taso, kamar sakamakon ajiyar bana a watan Agusta, domin wanda bai amsa tambaya ba sau da yawa yakan amsa labarin abin da shawararsa ta haifar. Maganar ɗan tsakiya kuwa ina tsoronta a wannan mataki, tana iya zama kamar an kai ƙararsa.

Malam Isa, Marwa: A nan kam ba mu haɗu ba, Hajiya. A wurin mutanenmu, wanda aka aiko da shi ya fi wanda ya aiko kansa daraja, kuma ban taɓa ganin dattijon da ya ji haushi don an ce masa yaron nan namu ne ba.

Zainabu, Ngaundere: Ina ganin ya danganta da wanda aka aika. Idan abokin aikinsa ne ya ambata a cikin hira, babu laifi. Idan shugabansa ne, to ya zama umarni, zai turo zanen amma ba zai sake ɗaukar wayar Aminu da daɗin rai ba.

Aminu, Garwa: 'Yan uwa, ga inda aka kwana. Na auna ɗakin, mita takwas ne da biyar. Na tura imel ranar Talata da ƙarfe tara na safe da hotuna huɗu, na bi shi da layi biyu ta waya bayan na canja suna. Jiya Alhamis da yamma ya amsa ta WhatsApp da kalma biyu ta Faransanci, ma'anarsu saƙo ya iso, sai kuma ya ƙara tambaya ɗaya, wai rufin kwano ne zalla ko akwai silin a ƙarƙashinsa. Bai ce komai a kan zane ba, bai kuma zaɓi ɗaya daga cikin abu biyun da na tambaya ba. In amsa tambayar kawai, ko in sake tuna masa da zanen?

Malam Isa, Marwa: Ka kira shi ka yi godiya da baki, tunda ƙofa ta buɗe.

Hajiya Binta, Njamena: Ni kuma na ce ka amsa abin da ya tambaya yau ɗin nan, kafin a tafi masallaci, domin a nan ofisoshi da yawa ba sa komawa aiki bayan Juma'a. Ka ce kwano ne zalla idan haka ne, ka tsaya a tsakiyar ɗakin da rana tsaka ka ɗauki hoton rufin daga ciki, ka faɗa masa tsawon bango daga ƙasa zuwa kwano. Zanen ka bar shi tukuna, mutumin da yake tambayar silin ya riga ya fara aiki a kan ɗakinku.

Aminu, Garwa: Kwano ne zalla, kuma da azahar ba a iya tsayawa a ciki. Mabuɗin yana hannun ma'ajinmu, na aika yaro ya karɓo.